Daga Kwankwaso Zuwa Yatsan Ƙafa: Yadda Ake Gane Saiwar Jijiyar Da Ta Danne

Mai wannan ciwo yakan shigo yana dafe da kwankwaso, amma idan aka ce ya nuna inda ciwon ya fi cinsa, sai ya ɗora yatsa a ɗuwawu, ya bi gefen cinya, ya gangara ta gefen sha-raɓa har ya dire a saman ƙafa. Wannan layin da ya zana da yatsansa shi ne farkon bincike. Ciwon a ƙafa yake jinsa, amma tushensa yana can cikin ƙashin baya, inda wani abu ya danne ko ya kumbura ɗaya daga cikin saiwoyin jijiyar da suka fito daga laka. Likitoci suna kiran wannan radikulofati. Aikin mai dubawa shi ne ya faɗi wace saiwa ce, kuma ta wane gefe, tun kafin a je ga hoto.

Sai an fara warware kalmar jijiya, domin a bakinmu tana ɗaukar hanyar jini, tana ɗaukar igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi irin agara, tana kuma ɗaukar zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. A nan ta ukun ake nufi, wadda ke kai umarnin motsi zuwa tsoka, ta kuma dawo da labarin taɓawa da zafi daga fata.

Ƙasusuwan kwankwaso biyar ne, ana rubuta su L1 zuwa L5 daga sama zuwa ƙasa, sannan ƙashin da suka zauna a kai, wanda saiwoyinsa ke ɗaukar harafin S. Tsakanin kowane ƙashi biyu akwai faifan guringuntsi mai taurin baki da laushin ciki. Ita laka ba ta kai ƙarshen gadon baya ba. A jikin babban mutum tana ƙarewa ne wajen L1 zuwa L2. Daga nan zuwa ƙasa sai saiwoyi kawai suke gangarowa a cikin kogon ƙashin kamar gashin wutsiyar doki, kuma da wannan kamance aka raɗa musu suna. Kowace saiwa tana gangarowa har ta iso ƙofarta, sai ta fice ta ƙarƙashin ƙashin da ke da lambarta. Saiwar L4 tana fita ta ƙofar da ke tsakanin L4 da L5, saiwar L5 ta ƙofar da ke tsakanin L5 da S1.

A nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe. Tunda saiwar L4 ce ke fita tsakanin L4 da L5, sai a zaci idan faifan wurin ya fashe ita zai danne. Yawanci ba haka ba ne. Saiwar L4 tana manne da ƙashinta ta sama, kuma kafin a iso daidai faifan ta riga ta karkata ta fice. Wadda ke wucewa ta bayan faifan a lokacin ita ce L5, a kan hanyarta ta zuwa ƙofa ta gaba. Shi kuma faifan ba ya yawan ɓullowa ta tsakiya, domin akwai igiya mai ƙarfi da ta tare tsakiyar. Yana ɓullowa ne ta baya, ɗan gefe, daidai inda mai wucewar take. Saboda haka faifan L4-L5 yakan danne L5, faifan L5-S1 kuma ya danne S1. Sai idan laushin cikin faifan ya fita can gefe, cikin ƙofar ko bayanta, sannan yake kama saiwar da ke fita, wato ta sama. Wannan ba shi da yawa, amma yana faruwa, kuma za mu ga yadda yake rikita lissafi. Kusan tara cikin goma na fashewar faifan kwankwaso a waɗannan matakai biyu na ƙasa suke aukuwa, shi ya sa L5 da S1 suka cinye yawancin aikin, L4 na biye da su.

Abubuwa uku ake tambaya don a gane saiwar: fata, tsoka, da zaburar da tsoka ke yi idan aka buga igiyarta da gudumar roba. Shaidu uku ne, kuma babu ɗaya cikinsu da za a yanke hukunci da shi shi kaɗai.

Kowace saiwa tana da yankin fatar da take kawo labarinsa, wanda ake kira damatom. Taswirar da ke cikin littattafai tana nuna yankunan kamar gonaki masu iyaka tsaf, amma a jikin mutum iyakokin sun shiga juna. Ko taswirorin ma ba su zo ɗaya ba: ta Foerster ta 1933 daban, ta Keegan da Garrett ta 1948 daban, kuma littattafai har yau suna kwafar wannan ko waccan ko gaurayensu. Dalilin shigar juna shi ne kowane ɗigon fata yana samun zare daga saiwa fiye da ɗaya. Shi ya sa idan saiwa ɗaya ta danne, fatar ba ta mutuwa murus. Ji ne yake raguwa, sai mutum ya ce wurin ya yi masa dindiris, ko kamar an shimfiɗa ƙyalle a kai, ko kamar kiyashi na tafiya. Wani ma a wurin alwala yake fara lura, ya ga sanyin ruwa bai kai ƙafar hagu yadda ya kai ta dama ba.

Don haka gwani ba ya bin dukan ƙafa yana tsikara barkatai. Yana zuwa wuraren da saiwa ɗaya ta fi rinjaye, kuma yawancinsu can ƙarshen ƙafa suke. Na L4 shi ne idon sawu na ciki da gefen ƙwauri na ciki. Na L5 shi ne saman ƙafa, inda igiyar silifas take kwanciya, da tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Na S1 shi ne gefen diddige na waje zuwa ƙaramin yatsa. Ana gwadawa da auduga, sannan da tsinke mai tsini wanda za a yar bayan an gama, majiyyaci ya rufe ido, a taɓa gefen lafiya sannan gefen ciwo a wuri ɗaya. Tambayar “kana ji?” ba ta da amfani, domin kusan kowa zai ce e. Tambayar da ke fito da bambanci ita ce: idan jin wancan gefen naira goma ne, na wannan nawa ne? Wanda ya ce shida a saman ƙafa, goma a idon sawu na ciki, goma a gefen diddige, ya riga ya nuna L5.

Duk da haka, fata ita ce shaida mafi rauni, domin ta dogara da abin da mutum ya faɗa, ga kuma kaushi da faso a diddigen mai yawo ba takalmi da kan rage ji ba tare da wata cuta ba.

Tsoka ta fi fata tsayawa a kan magana. Rukunin tsokokin da saiwa ɗaya ke motsawa shi ake kira mayotom, kuma a ƙafa tsarin yana da sauƙin riƙewa idan aka bi gaba daga sama zuwa ƙasa: ɗaga cinya zuwa ciki L2, miƙe gwiwa L3 da L4, ɗaga ƙafa sama daga idon sawu L4 da L5, ɗaga babban yatsa L5. Sai a juya baya: taka ƙasa da ƙarfi kamar mai danna totur, wato ɗage diddige, S1. Nan ma kowace tsoka saiwa biyu ko uku ke ciyar da ita, don haka dannewar saiwa ɗaya rauni take kawowa, ba shanyewa gaba ɗaya ba. Ana auna ƙarfin daga 0 zuwa 5: 5 cikakken ƙarfi, 4 tana turjiya amma hannun mai gwaji yana rinjayarta, 3 tana iya ɗaga nauyin gaɓar amma ba ta jure turawa ko kaɗan, abin da ya yi ƙasa da haka kuwa ko nauyin gaɓar ba ta ɗagawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gwada manyan tsokoki da hannu a kan gado. Tsokar sha-raɓa tana ɗaukar nauyin mutum gaba ɗaya a kowane taki. Hannun likita ba zai rinjaye ta ba ko da ta rasa wani kaso mai yawa na ƙarfinta. Sai a rubuta 5, alhali S1 ta yi rauni. Gwajin da ya dace shi ne a tsayar da mutum a ƙafa ɗaya, ya dafa bango da yatsu don kada ya faɗi, ya ɗage diddige sama ya sauke, sau goma a kowane gefe. Gefen ciwo yakan gaza a na huɗu ko na biyar, ko ya riƙa tashi rabi-rabi, ko mutum ya riƙa lanƙwasa gwiwa yana satar tashi. Haka tsokar gaban cinya: a zaunar da shi a kujera, a riƙe masa hannu don daidaito kawai, a ce ya miƙe tsaye da ƙafa ɗaya. Raunin L3 ko L4 da bai fito a kan gado ba a nan yake fitowa.

Shi kuwa babban yatsa akasin haka ne. Tsokarsa ƙarama ce, hannu na iya rinjayarta, kuma L5 ce ta fi ciyar da ita, shi ya sa ta zama ma'auni mai kyau. A ce mutum ya ɗaga manyan yatsunsa biyu zuwa fuskarsa, mai gwaji ya ɗora yatsa ɗaya a kan kowanne wajen farce, ya danna su tare. Yatsan lafiya ba ya ba da kai da sauƙi, na ciwo kuwa sai ya riƙa sauka a hankali. Wannan sauka a hankali ita ce alamar raunin gaske. Idan gaɓa ta yi turjiya sosai sannan ta saki farat ɗaya, galibi zafi ne ya sa mutum ya saki, ba jijiya ce ta gaza ba, kuma ya kamata a rubuta shi haka.

Shaida ta uku ita ce zabura. Idan aka buga igiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, tsokar cinya tana ɗan miƙuwa, saƙo ya shiga laka ta saiwa, umarni ya dawo ta saiwar, ƙafa ta harba. Ba ta bi ta ƙwaƙwalwa, don haka mutum ba zai iya ƙirƙiro rashinta ba. Wannan ne darajarta. Zaburar gwiwa ta L3 da L4 ce, ta agara kuma ta S1. Ga agara, hanyar da ta fi fito da ita ita ce mutum ya durƙusa a kan kujera ƙafafunsa na reto a baki, a ɗan tura tafin ƙafa don agarar ta miƙe, a saki guduma ta faɗa da nauyinta. Idan ba ta fito ba, kada a yi saurin cewa babu. A sa shi ya sarƙe yatsun hannayensa ya ja da ƙarfi, a buga daidai lokacin da yake ja. Zaburar da ta ɓuya saboda ɗari-ɗari takan fito.

Abin da ake nema shi ne bambanci tsakanin dama da hagu. Rashin zaburar agara a ƙafafu biyu ga dattijo ko mai ciwon suga ba ya nuna S1, domin tsufa da lalacewar ƙananan jijiyoyi suna kawo haka. Sannan zaburar agara da ta ɓace sau ɗaya tana iya ƙin dawowa har abada ko da an warke, don haka rashinta na iya zama tabon ciwon shekaru goma da suka wuce. Zaburar da ta yi yawa kuwa, tare da babban yatsa da ke ɗagawa sama idan aka karci tafin ƙafa, ba maganar saiwa ba ce sam. Matsalar tana sama, a laka ko ƙwaƙwalwa, kuma hoton kwankwaso kaɗai ba zai nuna ta ba.

Ga inda L5 take wahalarwa: tana cikin waɗanda aka fi dannewa, amma ba ta da zabura mai sauƙin gani. Mutum na iya samun L5 a danne sosai, gwiwa na harbawa lafiya, agara na harbawa lafiya, sai mai gaggawa ya ce babu komai. Akwai zaburar tsokar bayan cinya ta gefen ciki, wadda L5 ke ɗauke da ita. Ana kwantar da mutum rub da ciki, a ɗan lanƙwasa gwiwa, mai gwaji ya ɗora yatsansa a kan igiyar da ke bayan gwiwa ta ciki, ya buga yatsan nasa, yana jin ko igiyar ta motsa. Tana da wuyar fitarwa ko a jikin mai lafiya, don haka ba ta da ma'ana sai idan ta fito a gefe ɗaya ta ƙi fitowa a ɗayan.

Akwai kuma gwajin ɗaga ƙafa a miƙe, wanda ba ya faɗin lambar saiwa amma yana faɗin cewa saiwa ce, kuma ta ƙasa ce. Mutum na kwance rigingine, mai gwaji ya ɗaga masa ƙafa gwiwa a miƙe. Tsakanin digiri 30 da 70 saiwoyin L5 da S1 suke jawuwa. Idan ciwon da ya kawo shi ya harba har ƙasan gwiwa a wannan tsakanin, gwajin ya nuna. Ɗaurewar bayan cinya ko ciwon kwankwaso kaɗai ba a lissafa su. Idan aka ɗan sauke ƙafar har ciwon ya lafa, aka tanƙwara tafin ƙafa sama ciwon ya dawo, an ƙara tabbaci. Idan kuwa ɗaga ƙafar lafiya ne ya tayar da ciwo a ƙafar ciwo, wannan ba ya yawan faruwa, amma in ya faru da wuya a rasa faifan da ya fashe.

A ɗauki misalin magidanci ɗan shekara 42 mai lodin buhuna a kasuwar hatsi. Makonni uku da suka wuce ya sunkuya ya ɗaga buhu yana juyawa, kwankwaso ya riƙe. Bayan kwana huɗu ciwon bayan ya ragu, amma wani ya taso daga ɗuwawun hagu, ta gefen cinya da gefen sha-raɓa zuwa saman ƙafa, yana ƙaruwa da tari da atishawa da dogon zama. Ya ce silifas ɗinsa na hagu yana yawan zamewa, kuma yatsansa na yawan tuntuɓe da bakin tabarma. Da aka ce ya yi tafiya a kan diddige, gaban ƙafar hagu ya kasa tsayawa sama. A kan yatsu kuwa ya tafi lafiya, ya kuma ɗage diddige sau goma a kowane gefe. Babban yatsa 3, ɗaga ƙafa daga idon sawu 4, miƙe gwiwa 5. Ji ya ragu a saman ƙafa, yana nan daidai a idon sawu na ciki da gefen diddige. Zaburar gwiwa da ta agara daidai suke a gefe biyu. Ɗaga ƙafa a miƙe ya tayar da ciwon a digiri 40.

Lafiyar zaburar gwiwa da ƙarfin cinya sun wanke L4. Lafiyar agara da ɗage diddige sun wanke S1. Abin da ya rage L5 ce ta hagu, kuma wurin da aka fi zargi faifan L4-L5.

Amma mai hankali ba zai rufe takarda a nan ba, domin akwai wata jijiya da ke kawo kusan wannan hoton ba tare da kwankwaso ya san komai ba. Ita ce feroniyal, wadda ke zagayowa ta wuyan siririn ƙashin da ke gefen gwiwa ta waje, fata kawai ta rufe ta. Dogon tsugunno a gona ko wurin sana'a, ɗora ƙafa kan ƙafa, ɗaurin karaya da ya matse, ko rama mai sauri duk suna iya danne ta a wurin. Sakamakon shi ne faɗuwar ƙafa, raunin babban yatsa, da raguwar ji a saman ƙafa, tamkar L5. A ƙasashenmu kuturta ma tana kama wannan jijiya a daidai wannan wuri, har a ji ta yi kauri a ƙarƙashin yatsa. Ga yara kuma, allurar da aka yi a ɗuwawu ba a daidai wurinta ba tana iya taɓa babbar jijiyar sayatik ta bar ƙafa tana faɗuwa.

Ana raba dannewar L5 da ta feroniyal ne ta hanyar gwada tsokokin da L5 ke ciyarwa amma ba ta hanyar feroniyal ba. Biyu ne masu amfani. Ta farko ita ce mai karkatar da tafin ƙafa ciki, kamar mutum zai duba ƙaya; a gwada ta ƙafa na kallon ƙasa, don kada tsokar gaban ƙwauri ta taimaka. Ta biyu ita ce tsokar gefen ɗuwawu mai buɗe cinya waje: a kwantar da mutum a gefen lafiya, ya ɗaga ƙafar ciwo sama a miƙe, a danna ta. Idan feroniyal ce, waɗannan biyun suna da cikakken ƙarfi, domin matsalar a gwiwa take kuma su ba ta nan suke samun saƙo ba. Idan L5 ce, sukan yi rauni. A jikin mai lodin nan, karkatar da ƙafa ciki 4, buɗe cinya 4, kuma da ya tsaya a ƙafar hagu sai ƙugunsa na dama ya ɗan zube. Babu abin da ya danne a gwiwa da zai raunana tsokar ɗuwawu. Wannan gwaji na minti ɗaya shi ne ya fi cancanta a dage a kansa a duk faɗuwar ƙafa, kuma shi aka fi tsallakewa.

Da a ce ciwon nasa ta tsakiyar bayan cinya da sha-raɓa ya bi zuwa ƙaramin yatsa, ya gaza ɗage diddige, zaburar agarar hagu ta ɓace, da sai a ce S1, a zargi faifan L5-S1. Ita S1 ta fi sauƙin kamawa domin shaidunta uku duk suna magana a fili.

Da kuma ciwon ta gaban cinya ya bi, ya ratsa gwiwa zuwa ƙwauri ta ciki, gwiwa na lanƙwashewa a kan matakala, zaburar gwiwa ta ragu, da L4 ce. A nan ɗaga ƙafa a miƙe yakan fito lafiya, domin ba ya jan saiwoyin sama. Gwajinsu daban ne: a kwantar da mutum rub da ciki, a lanƙwasa gwiwa, a ɗan ɗaga cinya baya, ciwo ya harba ta gaban cinya. To wane faifai ne? Zai iya zama L3-L4 da ya ɓullo ta inda aka saba, zai kuma iya zama L4-L5 da ya fita can gefe ya kama L4 a ƙofarta. Irin wannan na biyu yakan zo da ciwo mai tsanani, domin a ƙofar ne kullin ƙwayoyin jijiyar ji yake, kuma mai karanta hoto na iya wuce shi idan idonsa na kan tsakiyar kogon kawai. Shi ya sa takardar neman hoto ta kamata ta ce “ana zargin L4 ta hagu”, ba “ciwon baya” kawai ba.

Saiwoyin sama ba su cika dannewa da faifai ba. L1 tana ba da ji a matsematsi, L2 a gaban cinya, L3 a gefen gwiwa na ciki. Ciwo a waɗannan wurare ya fi zama na gaɓar ƙugu, kuma ga mai sikila mutuwar kan ƙashin cinya ce abin fara tunani. Juya cinya ciki da waje a kwance yakan tayar da ciwon gaɓa, ba ya tayar da na saiwa. Zafi da dindiris a gefen cinya na waje ba tare da rauni ba kuwa galibi wata ƙaramar jijiyar fata ce ɗamara ko teɓa ta matse. Idan da gaske saiwar sama ce, musamman ga wanda ya manyanta, ko mai zazzaɓi da gumin dare da rama, a faɗaɗa tunani zuwa tarin fuka na ƙashin baya da ciwon daji.

Hoton MRI yana nuna faifai, ba ya nuna ciwo. A wani bincike da aka buga a 1994, an ɗauki hoton mutum 98 da ba su da ciwon baya, aka samu fiye da rabinsu da faifan da ya kumburo, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma da wanda ya turo waje. Saboda haka rahoton da ya lissafa matsala a matakai uku ba ya faɗin wanne ne mai laifi. Gwajin jiki ne ke zaɓa. Idan jiki ya ce L5 ta hagu, hoto ya nuna kumburi a dama a L3-L4, ba a samu daidaito ba, kuma tiyata a kan wannan kumburin ba za ta taɓa ciwon ba. Wasu mutanen kuma an halicce su da ƙashin ƙarshe da ya manne da na ƙasa, ko na ƙasa da ya rabu ya zama kamar na shida, sai ƙirgen matakai ya goce da ɗaya. Dole mai hoto da mai tiyata su yi ƙirge iri ɗaya. Inda shakka ta rage tsakanin saiwa da jijiyar gefe, gwajin lantarki na tsoka da jijiya yana rabawa, amma sai an bar kamar makonni uku su wuce, domin kafin nan alamun ba su gama bayyana a tsokar ƙafa ba.

Mafi yawan masu irin ciwon mai lodin nan suna samun sauƙi cikin makonni shida zuwa goma sha biyu ba tare da tiyata ba, domin jiki yana tsotse abin da ya ɓullo, kumburin saiwa kuma yana sauka. Amma yatsan da ke kan 3 ba a sallamarsa da magani kawai. A rubuta lambobin kowace tsoka, a sake aunawa bayan 'yan kwanaki da hannu ɗaya da hanya ɗaya. Idan 4 ta koma 3, ko 3 ta koma 2, lokacin jira ya ƙare, ko da ciwon ya ragu. Raguwar ciwo tare da ƙaruwar rauni ba sauƙi ba ne, yana iya nufin saiwar ta daina kawo saƙo.

Akwai yankin fata guda da ba a kan ƙafa yake ba, kuma kunya takan sa a tsallake shi: na S2 zuwa S5, wato tsakanin cinyoyi, al'aura da kewayen dubura, inda jiki ke taɓa sirdi. Idan babban faifai ya fashe ta tsakiya, yana danne saiwoyin wutsiyar doki gaba ɗaya, har da masu kula da mafitsara da dubura. Majiyyaci da wuya ya faɗa da kansa, sai an tambaye shi kai tsaye, cikin mutunci: idan ka yi tsarki kana jin ruwa yadda ka saba? Kana jin fitowar fitsari? Yana fita da ƙarfi, ko sai ka yi yunƙuri? Bayan gida ya taɓa kuɓuce maka? Ciwo ko rauni ya koma ƙafafu biyu? Amsa ɗaya mai tayar da hankali ta isa a gwada jin wurin da tsinke, a duba fitsarin da ya rage a mafitsara bayan ya yi, a kuma tura shi inda ake hoto da tiyatar baya a ranar, ba a wayi gari ba.